Takardar Neman Sikolashif: Yadda Tarihin Rayuwa Ke Komawa Labari Guda

Duk shekara, da damina ta yi nisa wajen watan Agusta, shirin Chevening na gwamnatin Birtaniya yakan buɗe ƙofar neman gurbin digiri na biyu. Tun 1983 ake wannan shiri. Masu nema daga sassan duniya dubun-dubata ne, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su kai dubu biyu ba. Akasarin masu neman suna da digiri mai kyau, sun cika sharaɗin aikin shekara biyu, suna kuma da malaman da za su tsaya musu. Tunda takardun shaida sun yi kama da juna, abin da ke raba wane da wane tun a zagayen farko shi ne ɗan rubutun da mutum ya yi a kan kansa.

Wannan rubutu yana da sunaye da yawa a fom. Jami'o'in Birtaniya da Amurka sukan rubuta personal statement, hukumar DAAD ta Jamus tana neman letter of motivation, PTDF ta Najeriya kuma statement of purpose. Da Hausa a iya cewa takardar bayanin kai. Ko da wane suna ta zo, cutar da ke kashe ta iri ɗaya ce: mai rubutu yana son ya faɗi duk abin da ya taɓa faruwa da shi, daga ranar suna har zuwa jiya, sai ya ƙare mai karatu bai riƙe ko guda ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin cutar da maganinta ita ce a bi takarda ɗaya daga daftarin farko zuwa na ƙarshe. A ɗauki misalin wata matashiya da ta karanta aikin gona, ta yi bautar ƙasa, yanzu tana aikin malamar gona da wata ƙungiyar manoman tumatir a yankin Kadawa na jihar Kano. Misali ne aka harhaɗa don bayani, alƙaluman da ke cikinsa ma na misali ne, amma duk wanda ya saba duba wa ƙannensa irin wannan takarda zai gane ta tun daga layin farko.

An ce ta rubuta kalma 500. Ta rubuta 900. Ta buɗe da gaisuwa da godiya ga kwamitin zaɓe bisa wannan dama mai albarka. Ta faɗi garin da aka haife ta da yawan 'yan gidansu. Ta bi firamare, ta bi sakandare inda aka naɗa ta shugabar ɗalibai. Ta ba da sakin layi guda ga rasuwar mahaifinta da wahalar kuɗin makaranta. Ta ce tun tana ƙarama take ƙaunar noma. Ta kawo maganar wani shahararren shugaba a kan darajar ilimi. Ta bayyana cewa Allah ya albarkaci Najeriya da ƙasar noma amma matsaloli sun yi mata katutu. Ta lissafa kwas ɗin kwamfuta da ta yi da tarukan bita uku da ta halarta. Can a sakin layi na bakwai, cikin jimla ɗaya tak, ta ce ta taimaka wa manoma wajen rage asarar tumatir. Daga nan ta yabi jami'o'in Birtaniya, ta ce ita mai ƙwazo ce mai haƙuri mai iya aiki da jama'a, ta rufe da roƙon a dube ta da idon rahama.

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma Turancinta ba shi da laifi. Amma takardar ta zama kamar tiren mai kayan koli: ga allura, ga madubi, ga alewa, kowane yana da amfani, babu wanda ya jawo ɗan'uwansa. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wannan. A yanka takardar sakin layi-sakin layi, a cakuɗa, a sake jerawa yadda aka ga dama. Idan sabon jerin ya karantu ba tare da an ji wani abu ya goce ba, to babu labari a ciki, jerin bayanai ne kawai. A tata takardar ana iya ɗauko maganar kwamfuta a sa ta gaban maganar firamare, ba wanda zai lura. Gwaji na biyu ya fi wannan zafi: a rufe sunanta a tambaya, abokan karatunta nawa ne za su iya sa hannu a ƙasan kowace jimla ba su yi ƙarya ba? Son noma tun yarinta, albarkar ƙasa, ƙwazo da haƙuri, duk ajin zai sa hannu. Jimlar tumatir ce kaɗai tata ita kaɗai, ita ce kuma ta fi kowace gajarta.

Ba laifinta ba ne gaba ɗaya. An koya mana rubutun wasiƙa da doguwar gaisuwa, an koya mana cewa mai nema yana ƙasƙantar da kai, kuma yabon kai abin kunya ne. Waɗannan halaye suna da kyau a zaure, amma mai karanta takardun sikolashif yana da tari a gabansa da ma'aunin ba da maki a gefe, kuma babu layin gaisuwa a ma'aunin.

Tambayar da aka yi, da wanda ya yi ta

Kafin ta taɓa ko kalma ɗaya, aikin farko shi ne ta koma ta karanta abin da aka tambaya, ta kuma tuna wane ne zai biya kuɗin, domin kowane mai ba da tallafi akwai abin da yake son kuɗinsa ya haifar. Chevening na neman waɗanda za su zama jagorori a ƙasashensu, shi ya sa ya raba rubutun gida huɗu: jagoranci, iya ƙulla alaƙa da mutane, dalilin zaɓen kwas, da tsarin aiki bayan kammalawa, tare da sharaɗin komawa gida na aƙalla shekara biyu. Sikolashif ɗin Commonwealth, wanda ya samo asali tun 1959, ya fi damuwa da yadda karatun zai taɓa ci gaban ƙasar mai nema. Shirin gidauniyar Mastercard, da aka fara a 2012 kuma ake yi ta hannun jami'o'i irin su Ashesi da KNUST a Ghana da Makerere a Uganda, an gina shi ne don haziƙan matasan da rashin hali ya tare wa hanya, saboda haka a can bayanin halin gida yana da muhalli na gaskiya. Fulbright ta Amurka takan nemi takarda biyu daban, ɗaya a kan manufar karatu ko bincike, ɗaya a kan mutumin kansa.

Ma'anar wannan ita ce sakin layin maraicin da ta rubuta zai iya zama ginshiƙi a wata takarda, ya zama ɓata wuri a wata. Takarda ɗaya da ake aika wa kowa, ana canza suna kawai a sama, ba ta cika amsa tambayar kowa ba. A misalinmu, a ɗauka tambayar ita ce wadda aka fi yi: me ya sa kike son wannan kwas, me ya shirya ki gare shi, me za ki yi da shi?

Tono jimlar da aka binne

Ta kai daftarin wa wani tsohon malaminta na jami'a. Bai gyara mata waƙafi ko ɗaya ba. Ya ja layi a ƙarƙashin jimlar tumatir, ya ajiye biro.

"Wace asara?" ya tambaya.

"Malam, ai tumatir yana lalacewa a hanya."

"Ke kin gani da idonki, ko a littafi kika karanta?"

Daga nan bakinta ya buɗe, da Hausa, ba tare da tunanin nahawun Turanci ba. Ta ce a kakar rani, lokacin da tumatir ya cika kasuwar Kwanar Gafan, ana zuba shi a manyan kwanduna a jibga su kan juna a babbar mota, a kama hanyar kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kusan kilomita dubu. Nauyin na sama yana danne na ƙasa, tsinken kwando yana huda fatar tumatir, zafi ya ƙarasa sauran. Ta ce wata rana wani dattijo cikin manoman ƙungiyarsu ya nuna mata kuɗin da aka aiko masa daga Legas, ko kuɗin taki da man injin ban-ruwa bai mayar ba. Ta ce daga nan ta nemo aron akwatunan roba masu huji, waɗanda idan an jera su nauyi kan sauka a gefen akwati maimakon kan kaya. Manoma sun ƙi, sun ce dillalai da kwando suke ciniki. Sai ta shawo kan mutum goma sha biyu su raba lodi ɗaya gida biyu, rabi a kwando rabi a akwati, ta samu wani ɗan gari da ke kasuwar ya tsince ruɓaɓɓen ya auna ya turo mata hoto. A kwando kusan kashi ɗaya cikin uku ya lalace, a akwati bai kai ɗaya cikin goma ba.

"To sai me ya faru?"

"Sai abin ya tsaya, Malam. Akwatunan ba sa dawowa. Kwando idan an sauke kaya shi ke nan, ba mai nemansa. Akwati kuwa sai an biya kuɗin motar da za ta maido shi ba kaya, wasu su ɓace a kasuwa. Ba mu san yadda za a tsara wa zai mallaka, wa zai yi haya, wa zai ɗauki asara ba."

"Kin ga takardarki nan," in ji shi. "Je ki rubuta abin da kika gaya mini."

Abin lura a wannan hira shi ne irin tambayoyin: wace, yaushe, ke me kika yi, sai me ya faru. Kowa zai iya yi wa ɗan'uwansa su, ba sai farfesa ba. Kuma yin hirar da harshen gida yana da fa'ida babba, domin da Turanci mutum yakan faɗa cikin manyan kalmomin da ya haddace, da Hausa kuwa dole ya faɗi abin da ya auku. Wasu sukan ɗauki muryarsu a waya suna ba da labarin, su saurara, sannan su zauna rubutu.

Me ya sa tumatir, ba shugabancin ɗalibai ko maraici ba? Saboda labarin da zai ɗauki nauyin takarda sai ya cika sharaɗi uku a lokaci guda. Mai rubutu ne ya yi wani abu da hannunsa, abin bai tsaya ga faruwa da shi kawai ba. An samu canji da za a iya nunawa. Kuma ƙarshen labarin yana kai mutum bakin ƙofar kwas ɗin da yake nema. Rasuwar mahaifi ta girgiza rayuwarta fiye da komai, amma abu ne da ya same ta, kuma ba ya bayyana dalilin zaɓen wannan kwas a bar wancan. Shugabancin sakandare ya yi nisa, yau shekara goma. Tumatir ne kawai ya haye duka ukun.

Jera labarin

Sabon daftarin bai fara da haihuwa ba. Ya fara a tsakiyar magana, a ranar da dattijon ya nuna mata kuɗin. Ga yadda buɗewar za ta kasance idan aka faɗe ta da Hausa: "A kakar rani ta biyu da fara aikina a Kadawa, wani manomi ya nuna mini kuɗin kwando arba'in na tumatir da ya aika Legas. Ba su biya takin da ya zuba ba. Gonarsa ba ta gaza ba, a hanya amfanin ya mutu." Jimla uku, kalmomi ƙasa da hamsin, amma mai karatu ya riga ya san inda take, aikin da take yi, da matsalar da za a bi. Ya kuma samu dalilin karanta jimla ta huɗu.

Bayan haka sai kaso mafi tsoka, wato abin da ta yi. A nan ne masu rubutu da yawa daga ƙasar Hausa ke tuntuɓe, domin kunya takan sa su fake a bayan jam'i: mun shirya, mun wayar da kai, an samu nasara. Kwamiti ba ƙungiyar zai ba gurbi ba, mutum ɗaya zai ba, kuma yana son ya san wane ɓangare na aikin ne nata. Maganin ba shi ne ta cika baki ba. Ta faɗi aikin da ta yi dalla-dalla, ta bar mai karatu ya yanke hukunci: ita ta nemo aron akwatunan, ita ta zauna da manoma har sau da yawa suna ƙi, ita ta kawo dabarar raba lodi biyu, ita ta samo mai aunawa. Inda wasu suka yi nasu, ta ambace su. Da ta rubuta haka, sai jimlar nan ta "ni mai ƙwazo ce mai haƙuri" ta zama ba ta da aiki, aka share ta, tunda wanda ya karanta yadda ta yi ta komawa wurin manoman da suka ƙi ya riga ya ga haƙurin. Masu horar da masu neman aiki suna kiran wannan tsari STAR: halin da ake ciki, aikin da ya hau kan mutum, matakin da ya ɗauka, da sakamako. Tsari ne mai amfani, sai dai yana tsayawa ne a kan sakamako, takardar sikolashif kuwa tana buƙatar taki ɗaya gaba da nan.

Wannan takin shi ne katangar da ta ci karo da ita. Mutane da yawa suna tsoron faɗar inda suka gaza, suna ganin zai rage musu maki. Amma idan labarin ya ƙare da cikakkiyar nasara, tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, to me za ki je nema a Birtaniya? Akwatunan da ba sa dawowa su ne gadar da ta haɗa rabin takarda na farko da na biyu. Ta iya noma, ta iya shawo kan manoma, abin da ba ta iya ba shi ne lissafin sarƙar kasuwanci daga gona zuwa mai saye: kuɗin haya, kuɗin dakon dawowa, rabon asara tsakanin manomi da dillali da direba. Giɓi ne takamaimai, kuma ana koyar da abin da ke cike shi.

Saboda haka sakin layin kwas ya daina zama yabon jami'a. Jami'a ta san darajarta, ba ta buƙatar mai nema ya tuna mata matsayinta a duniya. Abin da ta yi shi ne ta buɗe shafin kwas ɗin, ta karanta jerin darussa, ta zaɓi biyu da suka yi daidai da giɓin, ta ambace su da sunansu yadda suke a shafin, ta faɗi tambayar da kowanne zai amsa mata. Ga mai irin matsalarta, Natural Resources Institute na jami'ar Greenwich wuri ne da ya daɗe yana bincike a kan asarar amfanin gona bayan girbi a Afirka, kuma faɗar haka tare da alaƙanta shi da akwatunan Kadawa ya fi sakin layi guda na kirari. Wanda ya kasa samun darasi ko ɗaya a kwas ɗin da ya taɓa matsalarsa, to ko dai ya zaɓi kwas ɗin da bai dace ba, ko labarin da bai dace ba, kuma gara ya gano haka yanzu da ya gano a gaban masu intabiyu.

Sai dawowa gida. A daftarin farko ta ce za ta kawo sauyi a harkar noma a Najeriya da Afirka baki ɗaya. Irin wannan alkawari ba ya auna komai don ba wanda zai iya bin sawunsa. A sabon ta ce a shekara biyun farko za ta koma ƙungiyar ta gwada tsarin hayar akwati a kan hanya ɗaya, daga Kwanar Gafan zuwa Mile 12, tare da shugabannin dillalai na ɓangarorin biyu. Idan lissafi ya fita, a shekaru biyar a faɗaɗa zuwa tattasai da attaruhu, a kai sakamakon gaban hukumar raya aikin gona ta jiha. Burin ya ragu a baki, amma ya zama abin da mai hankali zai yarda za a iya.

Idan an raba kalma 500 ɗin, kusan haka ta kasance: buɗewa 50, abin da ta yi 160, sakamako da katanga 80, kwas 120, dawowa 90. Ba doka ba ce, amma rabon yana nuna inda nauyi ya kamata ya sauka. Idan aka ga bayanin matsalolin Najeriya ya cinye kalma 200, aikin mai rubutu ya samu 40, an san takardar ta karkace.

Ina sauran kayan suka tafi? Makarantu da kwas ɗin kwamfuta da tarukan bita suna nan a takardar tarihin aiki da sauran gurabun fom, maimaita su a nan ɓarnar wuri ce. Gaisuwa da roƙo da maganar shahararren shugaba an zubar. Mahaifinta bai fita gaba ɗaya ba, ya samu rabin jimla a inda yake da aiki: ta ce ta gane nauyin kuɗin da dattijon ya nuna mata domin da kuɗin tumatir aka biya mata makaranta har mahaifinta ya rasu. A nan maraicin ya bayyana dalilin da ya sa ta kasa kau da kai, kuma rabin jimlar ya fi tsohon sakin layin tasiri.

Da aka sake gwajin cakuɗawa, takardar ta ƙi cakuɗuwa. Ba a iya kawo kwas kafin katanga, ba a iya kawo katanga kafin gwajin akwati, domin kowane sashe sanadin na gaba da shi ne.

Inda dabarar ke iya cutarwa

Da mutane suka ji cewa labari ake so, sai wata sabuwar cuta ta ɓullo. Wasu sukan buɗe da dogon zane irin na littafin soyayya, rana tana faɗuwa, iska tana kaɗawa, hawaye na zuba, har kalma ɗari su wuce ba a san me ake nema ba. Buɗewa aikinta ta nuna matsala ta matsa gefe, jimla biyu ko uku sun isa. Wasu kuma sukan ƙirƙiro ranar da rayuwarsu ta juya, alhali a gaskiya sha'awarsu a hankali ta ginu. Wanda tasa a hankali ta zo, ya faɗi haka, ya kawo aiki ɗaya da ya nuna ta. Ba dole ne a samu dattijo mai kuɗi a hannu ba.

Mafi haɗari shi ne ƙara gishiri a alƙaluma. Manoma goma sha biyu su zama ɗari biyar, gwajin lodi ɗaya ya zama shirin jiha. Wanda ya tsallake zagayen farko na Chevening zai zauna gaban kwamiti a ofishin jakadancin Birtaniya, kuma daga abin da ya rubuta ake ciro tambayoyi. Mai goma sha biyu na gaskiya zai iya faɗar yadda ya samu kowannensu, mai ɗari biyar na ƙarya tambaya ta biyu za ta kwance masa zani. Haka ma wasiƙun malamai da shugabannin aiki, idan suka saɓa da labarin, labarin ne zai faɗi. Kwafar takardar wani da ya ci a bara ma hanya ce ta fita daga takara, tunda ana bincikar satar rubutu. Wannan ya haɗa da ba da kwangilar rubutun ga mai shagon kwamfuta, wanda sau da yawa samfuri ɗaya yake sayar wa kowa.

Akwai kuma iyakar da nau'in takarda ke sawa. Mai neman digiri na uku, takardar manufar bincikensa ba wurin labari ba ce sosai. Tambayar bincike, hanyar gudanar da shi da malamin da zai duba su ake son gani, labarin ya taƙaita a jimla kaɗan. A fom mai gida huɗu irin na Chevening kuwa ba a zuba labari ɗaya sau huɗu. Zaren ɗaya ne, amma kowane gida da nasa misalin: shawo kan manoma ya tafi gidan jagoranci, yadda ta samo aron akwatuna da mai aunawa a Legas ya tafi gidan ƙulla alaƙa, katanga da darussa su tafi gidan kwas, hayar akwati ta tafi gidan tsarin aiki. Adadin kalmomin da aka yarda da ranar rufewa sukan canza daga shekara zuwa shekara, don haka abin da ke shafin shirin a bana shi ne abin bi, ba abin da wanda ya nema shekara uku da suka wuce ya tuna ba.

Mai digirin farko da bai taɓa aiki ba kada ya ce ba shi da tumatir. Aikin binciken shekarar ƙarshe da ya ƙi tafiya yadda aka tsara, darasin yamma da ya shirya wa yaran unguwa kafin jarrabawa, littafin bashin shagon gidansu da ya gyara har aka gano inda kuɗi ke zurarewa, duk suna iya cika sharuɗɗan nan uku. Ƙanƙantar abin ba ta hana shi zama labari, muddin shi ya yi, an ga canji, kuma ya kai shi ga abin da yake son koyo.

Matakin ƙarshe shi ne a miƙa takardar ga wanda bai san fannin ba, yaya ko maƙwabci mai jin Turanci, ya karanta sau ɗaya a karɓe. Sai a ce ya faɗi cikin jimla ɗaya abin da mai takardar ya yi da abin da yake son zuwa koyo. Idan ya ce wata ce mai son ilimi da taimakon al'umma, da sauran aiki. Idan ya ce ita ce mai akwatunan tumatir da ba sa dawowa daga Legas, takardar ta tsaya da ƙafarta, sai gyaran nahawu da ƙirga kalmomi.

Wannan aiki na tono, zaɓe, yankewa da gwadawa a kan mutane ba ya yiwuwa a daren rufe fom, lokacin da shafi ke cunkushewa kuma malamin da zai yi tambayoyin ya yi barci. Mai niyyar nema a bana ya fara daftarinsa aƙalla wata guda kafin ranar rufewa, ya kuma nemi mai yi masa tambayoyin tun kafin ya nemi mai gyara masa Turanci.